Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa da Kwamishinonin Lafiya na Jihohin Arewa a kan Ƙafar Roba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayina na ma'aikaci a sashen haɗa ƙafar roba, wanda aikinsa na kullum shi ne auna dungulmin waɗanda aka yanke wa ƙafa, da haɗa musu abin da za su taka, da gyara shi idan ya fara cutar da su. Buƙatata guda ɗaya ce, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa bayaninta ne. Ina roƙonku da ku daina lissafa ƙafar roba a cikin kayan da ake saya sau ɗaya a miƙa wa mutum a sallame shi, ku mayar da ita cikin hidimar lafiya mai ɗorewa, wadda take farawa tun daga ɗakin tiyata kuma take bin mutum har ƙarshen rayuwarsa. Zan taƙaita maganata a kan wanda aka yanke wa ƙafa ƙasa da gwiwa, domin irinsa ne muka fi gani, kuma shi ne wanda idan aka yi masa abin da ya dace zai iya komawa gona ko kasuwa ko makaranta ba tare da sanda ba.

Kun san mutanen da nake magana a kansu. Akwai matashin da babur ya kayar ko mota ta taka, akwai dattijon da ciwon suga ya fitar wa gyambo a tafin ƙafa har ta ruɓe, akwai wanda harsashi ko abin fashewa ya samu a yankunan da tsaro ya taɓarɓare. Akwai kuma wanda ya fi ci mini rai, wato yaron da ya yi karaya mai sauƙi, aka kai shi wurin mai ɗori aka ɗaure karan da ƙarfi, gaɓar ta kumbura a cikin ɗaurin, jini ya daina isa ƙasa, kafin a kwance ta yi baƙi. Mafi yawansu ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba su da albashi, ba su da katin inshora, kuma kafin maganar ƙafar roba ta taso iyalansu sun riga sun sayar da tunkiya ko sun jinginar da gona wajen biyan kuɗin aiki da jini da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2017 game da wannan fanni, ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya ne kawai cikin goma masu buƙatar irin waɗannan kayan taimako yake samunsu. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, ko a cikin 'yan kaɗan ɗin da suka samu, da yawa ƙafar tana jingine a lungun ɗaki, sun koma kan sandunansu, kuma dalilin hakan sananne ne, ana iya magance shi.

Nasarar ƙafar roba tana farawa ne a hannun likitan tiyata. Idan da halin a ceci gwiwa, to ceton ta shi ne babbar kyautar da za a yi wa majinyaci, domin wanda aka yanke ƙasa da gwiwa yana kashe ƙarfin da ya ɗara na mai ƙafa biyu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu idan yana tafiya, alhali wanda aka yanke a cinya ƙarin ƙarfin da yake buƙata ya haura rabi, ga shi kuma sai an saya masa gwiwar ƙarfe mai tsada wadda ke neman gyara a kai a kai. Dattijo mai ciwon suga da raunin zuciya sau da yawa ba ya iya jure wannan nauyi, sai ya haƙura da tafiya baki ɗaya. Bayan haka akwai tsawon dungulmin. Ana son a bar kimanin santimita 12 zuwa 15 na ƙashin ƙwauri daga gwiwa, a goge kaifin bakinsa na gaba don kada ya riƙa sukar fata daga ciki, a rage tsawon siririn ƙashin da ke gefensa kaɗan, a lulluɓe ƙarshen da tsokar sha-raɓa, a kuma yanke jijiyoyin ji su koma can cikin nama. Idan aka bar ƙashi da tsini, ko tabon ɗinki ya manne da ƙashi, babu gwanin da zai haɗa ƙafar da mutum zai taka ba tare da zafi ba, wani lokaci ma sai an sake komawa tiyata. Ba ina zargin likitocinmu ba ne, domin da yawansu suna yin wannan aiki da tsakar dare a kan majinyacin da aka kawo rai a hannun Allah, burinsu a lokacin shi ne ya rayu. Abin da ya kamata shi ne ma'aikatun lafiya su haɗa likitocin manyan asibitocin jiha da masu haɗa ƙafa a horo guda, kowa ya ga abin da aikinsa ke jawo wa ɗan uwansa.

Makonnin da ke tsakanin tiyata da awon ƙafa su ne aka fi sakaci da su, alhali kulawarsu ba ta cin kuɗi sosai. Dungulmi sabon yanka kumburarre ne, ƙarshensa ya fi samansa kauri, kuma ba za a iya haɗa masa komai ba sai ya saɓe ya ɗauki siffa. Abin da ke sa hakan shi ne naɗa bandeji mai talewa, ana ɗaurawa a karkace ana giciyawa, ya fi matsewa a ƙasa ya sassauta yayin da ake hawowa har saman gwiwa, ana kwancewa a sake naɗawa sau da dama a yini. Idan aka naɗa shi a zagaye kamar rawani, ya matse sama ya bar ƙasa, to kumburin ƙaruwa zai yi. Haka kuma majinyaci, saboda zafi, yakan so ya lanƙwashe gwiwa ya sa matashi a ƙarƙashinta, ko ya yini a zaune a kan keke dungulmin yana reto. Cikin 'yan makonni gwiwar sai ta ƙage a lanƙwashe ta ƙi miƙewa, kuma idan ƙagewar ta yi yawa tsayuwa a kan ƙafar roba ta zama wahala. Maganin abu ne da ma'aikaciyar jinya za ta iya koyarwa kafin sallama: a miƙe gwiwa idan ana zaune, a ɗora dungulmin a kan benci ko katako, a riƙa kwanciya rub da ciki na ɗan lokaci kullum, a motsa tsokar cinya. Ya kamata kuma a gaya masa tun da wuri cewa zai riƙa jin ƙafar da aka cire kamar tana nan, har ya ji ƙaiƙayi ko zugi a yatsun da babu su. Wannan abu ne da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ke haifarwa, ba taɓin hankali ba ne, ba kuma aikin iska ko sammu ba. Wanda ba a faɗa wa ba yakan ɓoye abin a ransa, ko ya kashe ɗan abin da ya rage masa wajen neman maganin abin da ba shi ne ke damunsa ba, wani kuma ya tashi cikin dare ya manta ya taka ƙafar da babu, ya faɗi a kan ɗinkin.

Idan ciwon ya warke, galibi bayan mako shida zuwa takwas ga mai lafiyar jini, fiye da haka ga mai ciwon suga, sai a zo awo. Ina so ku fahimci abin da ake yi a nan, ranku ya daɗe, domin a nan ne kuɗinku zai yi amfani ko ya salwanta. Ƙafar roba ta ƙasa da gwiwa sassa uku ce: soket, wato kofin da dungulmi ke shiga, sai bututun da ya maye gurbin ƙwauri, sai tafin ƙafa. Bututu da tafi ana iya sayo su da yawa a ajiye. Soket kuwa na mutum ɗaya ne tak, ba ya shiga wani. Mukan sa wa dungulmin siririyar safa, mu zana alama da fensir a kan duk inda ƙashi ya taso, mu naɗa bandejin filasta mai jiƙe, sannan kafin ya bushe mu danna manyan yatsunmu biyu a gefen jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, sauran yatsun kuma suna tallafe da baya. Idan ya bushe mu zare shi, mu cika shi da filasta, mu sami siffar dungulmin. A kan wannan siffa ake aikin gaske. Inda jiki ke iya ɗaukar nauyi, kamar jijiyar ƙasan ƙoƙon gwiwa da faffaɗan gefen ƙashin ƙwauri na ciki, sai a kankare filasta don soket ya matse wurin. Inda ba ya jure danna, kamar kaifin ƙwauri, da kan siririn ƙashin gefe inda wata jijiya ke wucewa, da ƙarshen ƙashin da aka yanke, sai a ƙara filasta don a bar masa sarari. Bambancin 'yan milimita ne ke raba ƙafar da mutum zai yini a kanta da wadda za ta fasa masa fata kafin azahar.

Bayan an gasa roba an lulluɓa a kan siffar an haɗa sassan, sai majinyaci ya tsaya tsakanin ƙarafa biyu na dafawa ya fara takawa, mu kuma muna tsugune muna kallo daga gaba da baya da gefe. Idan gwiwarsa tana turuwa gaba da sauri da zarar dunduniya ta sauka, ko tana komawa baya kamar mai hawan tudu, ko kafaɗarsa ɗaya tana faɗuwa, to saitin ne bai daidaita ba, sai a kwance a juya a sake gwadawa. Ana yin wannan saiti ne a kan takalmin da zai riƙa sawa, shi ya sa idan aka saita a kan silifas ya koma takalmi mai tudun dunduniya tafiyar take lalacewa. Daga nan sai horon tafiya a hannun masu gashin ƙashi, na kwanaki ko makonni: yadda zai raba nauyi, yadda zai hau matakala, yadda zai bi yashi da kunyar gona, yadda zai tashi idan ya faɗi. Wanda aka miƙa wa ƙafa ba tare da wannan horo ba yakan koyi ɗingishi da zai jawo masa ciwon baya da ciwon gwiwar ƙafarsa mai lafiya.

Yanzu bari in kawo misalin da irinsa ke zuwa mana kullum. A ɗauki matashi ɗan acaɓa mai shekara talatin daga wata ƙaramar hukuma mai nisa da babban birnin jiha. An yanke masa ƙafar hagu, aikin ya yi kyau, bayan wata uku an yi rabon ƙafafun roba na kyauta a wani taro, aka auna shi aka ba shi, ya tafi gida yana murna, kuma ƙafar ta zauna masa daidai a lokacin. Abin da ba a gaya masa ba shi ne dungulminsa bai gama ramewa ba. Tsokar da ta daina aiki tana ci gaba da shanyewa, musamman a shekarar farko, kuma takawa a cikin soket tana ƙara matse ruwan da ya rage. Bayan wata biyu sai ya ji ƙafar tana zamewa idan ya ɗaga, tana yin ƙara idan ya sauke. Ya ƙara safa ɗaya, abin ya yi sauƙi, wannan kuwa daidai ne. Bayan wasu watanni yana sa safa huɗu ko biyar, yana cusa tsumma a ƙasa. A wannan mataki dungulmin ya nutse cikin soket fiye da yadda aka tsara, nauyin ya bar jijiyar ƙasan gwiwa ya koma kan ƙarshen ƙashi, bakin soket kuma yana tokarar ƙoƙon gwiwa. Sai ja ya fito a ƙarshen dungulmin, ya zama bororo, ya fashe. Waɗanda suka yi rabon sun tafi, babu lambar da zai kira, kuɗin mota zuwa birni shi da ɗan rakiya ya fi abin da yake samu a mako. Sai ya cire ƙafar ya jingine don ciwon ya warke, dungulmin ya sake kumbura saboda babu bandeji, ƙafar ta ƙi shiga. A takardar masu rabo an rubuta shi cikin waɗanda aka taimaka wa, amma a ƙauyensu yana kan sanduna.

Abin da wannan matashi yake buƙata ƙarami ne idan aka kwatanta da abin da aka riga aka kashe a kansa. Da an gan shi bayan wata ɗaya, da bayan wata uku, da an liƙa 'yan faci a cikin soket ɗin a inda ya yi sako-sako, da kuma an yi masa sabon soket tsakanin wata shida zuwa shekara, a kan bututunsa da tafinsa na da, da yanzu yana aiki. Sabon soket na shekarar farko ba alamar an yi kuskure ba ne, wani sashe ne na aikin tun asali, kuma duk kwangilar da ba ta ƙunshe shi ba rabin aiki aka biya. Ina girmama masu hannu da shuni da ƙungiyoyi da 'yan siyasar da ke ɗaukar nauyin irin wannan rabo, niyyarsu alheri ce, Allah ya saka musu. Amma hakkinku ne ku gindaya sharaɗi cewa duk wanda zai yi rabon ƙafa a jiharku sai ya ɗaura shirin nasa da wani sashen asibiti na dindindin, ya kuma ajiye kuɗin bibiya na shekara guda aƙalla.

Kulawar yau da kullum tana hannun mai ƙafar, amma sai an koya masa, kuma yanayinmu na zafi yana ƙara mata wuya. Fatar da ke kulle cikin roba a watan Afrilu tana jiƙewa da gumi, fata mai laushin gumi kuwa saurin salewa gare ta, ga ƙuraje da ƙaiƙayi. Ana wanke dungulmi da ruwa da sabulu marar ƙamshi da daddare, a tsane shi sosai, domin idan aka wanke da safe aka sa ƙafa nan take danshin yana biyo shi ciki. Ana goge cikin soket da tsumma mai ɗan sabulu a bar shi ya kwana yana shan iska, ba a shanya shi a rana ko kusa da murhu ba, don zafi yana lanƙwasa roba. Safa kullum wankakkiya, ba ƙulli ba naɗewa, wanda ke nufin mutum yana buƙatar guda da yawa, masu kauri da marasa kauri, don ya ƙara ko ya rage a cikin yini. Duk lokacin da aka cire ƙafa a duba fata, har da ƙasan dungulmin ta hanyar ɗan madubi. Jan da ya baje cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin ba komai ba ne. Wanda ya daɗe fiye da haka, musamman a kan ƙashi, gargaɗi ne, kuma idan fata ta fashe a daina sa ƙafar a nemi gyara, kada a ɗauki wuƙa a fafe soket a gida ko a kai wa mai walda. Mai ciwon suga sai ya ninka wannan lura, domin jin zafinsa ya ragu, yana iya yini a kan ciwo bai sani ba, kuma ƙafarsa da ta rage tana cikin haɗarin da ya ci ta farko, don haka ita ma kullum a duba tsakanin yatsunta, kada kuma ya taka ƙasa ba takalmi. Duk wannan bayani zai shiga takarda ɗaya da Hausar boko da ajami da hotuna, ko saƙon murya a waya, kuma ma'aikatunku suna da ikon buga shi su raba wa kowane ɗakin tiyata.

Sai maganar kuɗi. A yau ƙafar ƙasa da gwiwa mai sauƙi, idan mutum zai biya da kansa, ana maganar dubban ɗaruruwan naira ne, masu sassan da aka shigo da su daga Turai kuwa suna kaiwa miliyoyi, alhali mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira dubu 70 ne, kuma yawancin waɗannan mutane ko shi ba su samu. Farashin yana bin dala domin roba da tafi da maɗaurai yawanci daga waje suke. Amma kuɗin ranar farko ba shi ne lissafin gaskiya ba. Ƙafar babban mutum mai aikin ƙarfi takan yi kimanin shekara uku zuwa biyar, tafin kuma yakan riga sauran sassan mutuwa, musamman a wurin manomi mai shiga ruwa da laka. Matashin da na ambata, idan Allah ya ba shi shekara talatin da biyar nan gaba, zai buƙaci ƙafa bakwai zuwa goma sha ɗaya, ban da safa da maɗauri da canjin tafi. Yaro kuwa girma yake yi, kusan kowace shekara sai an sake masa soket ko an ƙara tsawon bututu, wani lokaci ƙashin da aka yanke yana tsirowa ya soki fata har sai an koma tiyata. Idan aka bar yaro da gajeriyar ƙafa ƙugunsa yana karkacewa. Ga kuɗin mota da masauki da abinci na kwanakin awo da horo, wanda ga mutumin ƙauye shi ne yakan hana zuwa ko da an ce ƙafar kyauta ce.

Wane zaɓi ne ke gaban marar ƙarfi a zahiri? Akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, yana da sashen haɗa gaɓoɓin roba, kuma a 2016 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta fara tallafa wa aikin a can, musamman ga waɗanda rikici ya shafa. A 2020 an buɗe wata cibiya irin wannan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da haɗin gwiwar ƙungiyar. Fasahar da ƙungiyar take amfani da ita ta robar folifirofilin ce, mai araha, marar tsatsa, wadda ake iya ɗumamawa a gyara, kuma an daɗe ana aiki da ita a ƙasashe masu yanayi irin namu. Akwai kuma tafin Jaipur, wanda likita P. K. Sethi da masassaƙi Ram Chandra Sharma suka ƙirƙira a Indiya a 1968 domin mutanen da ke tsugunawa, suna zama a ƙasa, suna shiga gona da ruwa. Wannan ya yi kama da rayuwarmu, inda mutum ke zama a tabarma, yana tsuguno a bayan gida, yana sujada da zaman tahiya sau biyar a yini, ko da yake tafin yana da ɗan nauyi kuma ingancinsa ya danganta da inda aka yi shi. Ra'ayina shi ne mai ƙaramin ƙarfi kada ya sayar da gonarsa don ƙafa mai tsada da safar silikon, wadda ke tara gumi, take yagewa cikin watanni, kuma babu mai sayar da madadinta a kusa da shi. Ƙafa mai araha da soket mai kyau, wadda mai gyaranta ke nesa da tafiyar yini ɗaya ko ƙasa da haka, ta fi masa amfani nesa ba kusa ba. Haka kuma ya guji sayen ƙafar gwanjo ya sa yadda take. Bututunta da tafinta suna iya amfani idan ƙwararre ya duba su, amma soket ɗinta na wani ne. Dole kuma mu faɗi gaskiya cewa ba kowa ne ƙafar roba za ta yi wa ba. Tsoho mai raunin zuciya da aka yanke a cinya, ko wanda ya rasa ƙafa biyu a sama, keken guragu mai ƙarfi da ya dace da jikinsa da hanyoyin unguwarsu yakan fi masa, kuma kowane mai ƙafar roba yana buƙatar sanduna a ajiye don ranar ciwo ko ranar gyara.

Doka ta riga ta ba ku madafa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta kai ga kafa hukumarsu ta ƙasa, kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta tanadi asusun marasa ƙarfi wanda masu nakasa ke cikin waɗanda aka yi shi dominsu. Abin da ya rage shi ne yadda za a rubuta ƙafar roba a cikin jerin abubuwan da ake biya. Ina roƙon Hukumar Inshora da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi su biya ta a dunƙule: bandeji da sanduna tun ranar sallama, awo da haɗawa, horon tafiya, ziyarar bibiya, sabon soket a shekarar farko, safa da gyara, sannan sabuwar ƙafa bayan shekara uku ga babba, da canji gwargwadon girma ga yaro. A riƙe wani kaso na kuɗin mai haɗawa har sai an tabbatar bayan wata shida cewa mutumin yana tafiya da ƙafar, domin adadin masu tafiya shi ne ma'aunin aiki, ba adadin ƙafafun da suka fita daga shago ba. A kuma yi wa duk wanda aka yanke rajista a asusun marasa ƙarfi tun yana kan gadon asibiti, kada a bar shi ya fita da sanduna yana neman ofis.

Ga kwamishinoni kuwa, nisa shi ne babban abin da ke hannunku. Bai kamata mutumin Zamfara ko Yobe ko Taraba ya ƙetare jihohi don a liƙa masa faci ko a ɗaure masa noti ba. Ƙaramin ɗakin gyara a babban asibitin jiha, da tanda, da injin guga, da ma'aikaci biyu masu horo, zai ɗauke mafi yawan wannan wahala, a bar wa manyan cibiyoyi aiki mai sarƙaƙiya. Ma'aikatan ma ana iya samar da su, domin akwai kwalejin tarayya ta fasahar ƙashi a Igbobi da ke Legas, akwai kuma digiri a wannan fanni a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Owerri. Kowace jiha ta ɗauki nauyin 'ya'yanta kaɗan, maza da mata, da sharaɗin su dawo su yi aiki a gida, a kuma tanadar musu gurbi a tsarin albashi kafin su gama. Na ambaci mata da gangan, domin awon dungulmi aiki ne na taɓa jiki har cinya, kuma akwai matan aure da 'yan mata da dama da ke zaune a cikin gida ba ƙafa saboda babu macen da za ta auna su. Masu ƙafar roba da suka daɗe da ita su ma a jawo su cikin aikin, a ba su ɗan alawus su riƙa ziyartar sababbin majinyata a ɗakin jinya, domin wanda aka yanke jiya ya fi yarda da mutumin da ya shigo da ƙafarsa ya naɗe wando ya nuna masa, fiye da duk bayanin da mu za mu yi.

Ina fatan za ku sa wannan batu a zamanku na gaba na duba jerin hidimomin inshora da kasafin shekara mai zuwa, ku kuma gayyaci masu haɗa ƙafa da masu gashin ƙashi da wakilan waɗanda aka yanke wa gaɓa su zauna da ku a lokacin rubuta shi.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani ma'aikacin sashen haɗa ƙafar roba a Arewacin Najeriya